Tayin bashi biyu a waya: wanne ya fi araha?

Manhajojin bashi kan rubuta kuɗin ruwa da manyan haruffa a saman allo, amma ba nan ya kamata ido ya fara sauka ba. Abu uku ake nema kafin a danna `Accept`: nawa ne zai shigo asusunka, nawa za ka mayar gaba ɗaya, kuma wace rana.

A ɗauki misali. Kana neman naira 50,000. Manhaja ta farko ta rubuta `1% daily`, kwana 14, ga kuma `Processing fee` na kashi 10 can ƙasa da ƙananan haruffa. Ana zare wannan kuɗin tun kafin a turo, saboda haka 45,000 ne zai faɗo. Ruwan kuwa a kan 50,000 ɗin ake lissafa shi: 500 kullum, 7,000 ke nan. Ka karɓi 45,000, za ka mayar da 57,000. Bashin ya ci maka 12,000 cikin mako biyu, fiye da rubu'in abin da ya shigo hannunka.

Ta biyu ta ce `8% monthly`, wata uku, ba ta zare komai. Takwas ta fi ɗaya tsoratarwa, amma duba lissafin: 4,000 duk wata, 12,000 jimilla. Tsadar ɗaya ce, sai dai a nan 50,000 cif ka karɓa, kuma kana biyan kusan 20,700 a wata. Ita ma da ɗan wayonta, don ko ka biya na wata biyu, ruwan wata na uku a kan 50,000 yake, ba a kan ragowar ba. Duk da haka ni ita zan ɗauka.

Sai `Due date`. Ka ɗora ta a kan ranar da kuɗi ke shigo maka da gaske. Ma'aikacin da albashinsa ke zuwa ƙarshen wata, in ya ci bashin kwana 14 ran 5 ga wata, wa'adi zai cika ran 19 aljihu wayam. Daga nan tarar jinkiri, `Late fee`, take farawa, sau da yawa kullum-kullum. In kuma ka haɗa katin banki, suna iya cira da kansu da zarar kuɗi ya shigo.

Gajeren wa'adin kansa alamar haɗari ce. Dokar Google Play ta hana manhajar bashi neman a biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka, kuma tun 2023 ta hana su leƙa lambobin waya da hotunan mutum. In manhaja ta nemi izinin `Contacts`, ko ta ƙi nuna `Total repayment` sai bayan ka amince, rufe ta. Sannan ka nemi sunan kamfanin a jerin masu ba da bashi da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta amince da su a Najeriya.