Wa za ka ba aikin taƙaita maka dosiyen ƙorafin kwangila?

Idan ɗan kwangila ya faɗi a gasar neman aikin gwamnati ya shigar da ƙorafi, kafin wata biyu sai ka tarar takardun sun cika kwali: kundin sharuɗɗan gasar, rahoton zaman buɗe tayi, wasiƙun da ya aika, amsoshin da aka mayar masa, duk da Faransanci, wasu kwafin ma tawadar ta dushe. Ran da abokin haɗin jari ko manajan banki ya ce "Alhaji, ina aka kwana?", ba kwali yake so a miƙa masa ba. Shafi biyu ko uku yake so, mai nuna abin da ya faru rana bayan rana, abin da kowane ɓangare yake da'awa, da hukuncin da aka yanke zuwa yanzu. A Garwa ko Marwa ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, masu iya yi maka wannan aiki iri huɗu ne, kuma ba abu ɗaya suke sayarwa ba.

Kafin mu zo kansu, ga misalin dosiye da za mu gwada su da shi, a kan kalandar 2024. Wata ƙaramar hukuma ta fitar da gasar gina ajujuwa biyu. An buɗe tayi ranar Talata 23 ga Afrilu. Alhajinmu ya sa sefa miliyan 21 da dubu 400, wanda ya ci ya sa miliyan 22 da dubu 900. A zaman buɗewa an ce takardar harajin Alhaji ba ta cikin ambulan, ya kawo ta ranar 25 ga wata, aka buga masa hatimin karɓa. An wallafa sakamako ranar Alhamis 16 ga Mayu. Wasiƙar ƙorafinsa tana ɗauke da kwanan wata 22 ga Mayu, amma hatimin ofishin da ya karɓa ya nuna 24 ga Mayu. A cikinta ya kawo abu uku: shi ne mafi araha, ya cike takardar haraji a kan lokaci, kuma a zaman buɗewa bai ji an karanta takardar lamunin banki ta wanda ya ci ba.

Dokar da ake aiki da ita a Kamaru ita ce dikiri mai lamba 2018/366 ta 20 ga Yuni 2018. A ƙarƙashinta, ƙorafi kan yadda zaman buɗe tayi ya gudana dole ya isa cikin kwanakin aiki uku bayan zaman, ƙorafi kan bayar da kwangila kuwa cikin kwanakin aiki biyar bayan wallafa sakamako. To lissafa da kanka. Juma'a 17 ga Mayu rana ta ɗaya, Asabar da Lahadi ba sa cikin ƙirga, Litinin 20 ga Mayu ranar bikin ƙasa ce, sai Talata 21, Laraba 22, Alhamis 23, Juma'a 24 ita ce ta biyar. Ashe da kyar ya sha, a ranar ƙarshe wasiƙar ta shiga. Maganar lamunin banki kuwa ta zaman buɗewa ce, wa'adinta ya wuce tun Juma'a 26 ga Afrilu. Taƙaitawar da ba ta fito da waɗannan abubuwa biyu ba, ko shafi nawa ta kai, ba ta yi aikinta ba.

Zaɓi na farko shi ne akawun kamfaninka, ko ɗanka da ya yi jami'a. Ba ka biya komai, sirrinka bai fita gida ba, kuma shi ya san inda kowace takarda take. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba ce: yana rubuta labarin kamar yadda ya ji daga bakinka. Zai sa "22 ga Mayu, mun shigar da ƙorafi", don ranar ce ya buga wasiƙar, bai duba hatimi ba. Zai kuma sa "an zalunce mu aka ba wanda ya fi tsada" a jerin abubuwan da suka faru, alhali wannan da'awarka ce, ba abin da takarda ta tabbatar ba. Ɗan gida bai cika iya gaya wa maigida cewa hujjarsa ta uku ta mutu ba. Idan shi za ka sa, ka taƙaita masa aikin: ya jera takardun bisa kwanan wata, ya sa wa kowane shafi lamba da fensir daga ɗaya har ƙarshe, ya yi layi biyu na kwanan wata, ɗaya na ranar da aka rubuta, ɗaya na ranar da aka karɓa. Wannan kaɗai zai iya rage maka kuɗin duk wanda zai karɓi aikin daga baya.

Na biyu su ne masu haɗa dosiyen gasa, waɗanda za ka samu da kwamfuta da injin kwafi a kusa da ofisoshin gwamnati. Suna da sauri, sun haddace kundin sharuɗɗa, sun san cewa takardar gudanarwa da ta ɓace ana ba da awa 48 a kawo ta amma lamunin banki in babu shi an zubar da tayin nan take. Sai dai ka tambayi kanka wa ya haɗa maka dosiyen tun farko. A misalinmu, amsar magajin garin ba ta taɓo takardar haraji ba sam. Cewa ya yi an fitar da Alhaji ne saboda a jadawalin farashi babu kuɗin fenti, gurbin a sake yake, kuma kundin gasar ya sa wannan cikin laifukan da ke fitar da mutum. In wanda ya manta cike gurbin shi ne kuma mai taƙaita maka, kada ka yi mamaki in wannan layi ya koma can ƙasan shafi na uku da ƙananan haruffa. Kuma a gari irin namu, mai haɗa maka dosiye wataƙila shi ya haɗa na abokin takararka. Ka tambaye shi kai tsaye kafin ka buɗe masa kwalinka.

Na uku shi ne wanda ni na fi karkata gare shi ga dosiye mai matsakaicin nauyi: tsohon ma'aikaci da ya zauna a kwamitocin bayar da kwangila ya yi ritaya, ko masani mai zaman kansa da wannan ne sana'arsa. Abin da kake saya a wurinsa shi ne sanin wace takarda ce hukunci, wacce ce shawara kawai. Nan ne mafi yawan taƙaitawa suke tuntuɓe. Ƙaramin kwamitin tantancewa rahoto yake rubutawa. Kwamitin bayar da kwangila yana miƙa shawarar wanda za a ba. Mai aikin, a nan magajin gari, shi ke sa hannu a kan hukuncin bayarwa. Da ƙorafi ya shiga, ARMP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnati, na iya sa a dakatar da tafiyar aikin, amma dakatarwa ba nasara ba ce, tsayar da agogo ne kurum. Kwamitin duba ƙorafe-ƙorafe ya yi nazari ya ba da shawara, sannan ministan kwangilolin gwamnati, wato MINMAP, ya yanke. Na taɓa ganin ɗan kwangila yana raba goro a majalisa don an karanta masa wasiƙar dakatarwa aka ce masa "Alhaji, ka ci". Masani na gaske zai rubuta a gaban kowace takarda wa ya sa hannu, da wane iko, da abin da ta canza a ƙasa. Hattara ɗaya: wanda har yanzu yake aiki a ofishin da ke da hannu a gasar, ka bar shi, ko da ya rage maka kuɗi. Dosiyenka zai gurɓata, shi ma zai shiga uku.

Na huɗu lauya. Shi ne mafi tsada, kuma ba kowane lauya ne ya saba da dokar kwangilolin gwamnati ba, don haka ka tambaye shi irin wannan shari'a nawa ya taɓa riƙewa. Yana zama dole idan kana tunanin wucewa kotun gudanarwa, wadda akwai ta a Garwa da Marwa da Ngaundere, saboda can wa'adodi da ƙa'idojin shiga daban suke. Amma lauya don ya kare ka yake rubutu, sai ya ƙawata hujjarka ya rage ta abokin hamayya. In taƙaitawa kake so, ka faɗa masa a fili: "Ranka ya daɗe, ba takardar kai ƙara nake so yanzu ba, so nake in ga inda nake da rauni."

Ko wanne ka zaɓa, akwai gwaji mai sauƙi kafin a yi ciniki. Ka ba shi shafi goma daga dosiyen, ka ce ya fitar maka da layi biyar. Idan ya dawo, ɗauki layi ɗaya ka ce ya nuna maka shafin da ya fito. Layi mai kyau kamar haka yake: "24 ga Mayu, Juma'a, ƙorafi ya isa, hatimin karɓa a shafi na 41, rana ta biyar cikin biyar." Sannan ka duba ɓangaren da'awa, ko ya aje naka da na magajin gari gefe da gefe, kowace da'awa da takardar da ta goya mata baya. A misalinmu, gaban "ni ne mafi araha" ya kamata ka ga an rubuta cewa gaskiya ne, bambancin miliyan ɗaya da rabi, amma farashi sai tsakanin waɗanda suka tsallake tantancewa ake gwada shi. Gaban takardar haraji a rubuta cewa ba wanda ya musa. Gaban kuɗin fenti kuwa, ko dai kwafin tayinka ya nuna an cike gurbin ko bai nuna ba, kuma a kan wannan layi guda duk ƙorafin ya rataya.

Mai aikin kirki zai kuma ba ka jerin abin da babu a kwalin. Kana da damar neman ɓangaren rahoton tantancewa da ya shafe ka daga mai aikin, kuma takardun tayin da wanda ya faɗi bai je ya karɓo ba cikin kwana 15 bayan wallafa sakamako ana iya lalata su. In ba ka riƙe cikakken kwafin abin da ka miƙa ba, wannan ne abu na farko da za a bi, ba buga taƙaitawa ba.

Kan kuɗi, ku yi jinga a kan dosiyen gaba ɗaya, ba a kan yawan shafin da zai rubuta ba, in ba haka ba za a cika maka takarda da kwafin ayoyin doka. Ka sa a cikin jingar cewa in sabuwar wasiƙa ta zo daga Yawunde zai ƙara ta a jerin. Kwafi za ka ba shi, na asali masu hatimi su kwana a akwatinka. Idan Faransancinka bai kai ba, ka sa ya zauna ya bi da kai layi-layi da Hausa ko Fulatanci, yatsanka a kan shafin da yake magana, amma rubutun ya tsaya da Faransanci, don shi za ka miƙa wa lauya ko banki.