Sharhi: abin da na samu a sashen fisiyo kan ɗigar fitsari bayan haihuwa

Bayan haihuwata ta huɗu na je sashen fisiyo, inda ake magani da motsa jiki, na wani asibitin gwamnati a nan Gombe, saboda fitsari yana kufce mini, alwala ba ta zama. Ga matar da ke cikin wannan hali, hukuncina shi ne zuwan ya cancanci wahalar layin.

Abin da ya fi amfanata shi ne tambayar da likitar ta fara da ita: "Maman yara, yaushe yake zubowa?" Na ce in na yi tari ko atishawa, ko na ɗaga jarkar ruwa, ko Keke Napep ta faɗa rami. Ta ce, "Kafin ya zubo kina jin fitsari?" Na ce a'a. Ta bayyana mini cewa wannan ɗigar matsin ciki ce. Tsokokin ƙasan ƙugu da ke tallafe da mafitsara da mahaifa sun saki saboda nauyin ciki da naƙuda, don haka da tari ya danno mafitsara daga sama, ƙofar ba ta iya riƙewa. Ɗan kaɗan ne ke fita, kuma yana tsayawa da tarin.

Ta ce akwai wani nau'in ɗigar daban. Fitsarin ne ke taso wa mace gaba ɗaya, kafin ta ɗauki buta ta kai bayi ya zubo, wani lokaci da yawa. A nan mafitsarar ce ke matsewa da kanta tun ba ta cika ba. Ƙarar famfo ko taɓa ruwan sanyi da asuba kan tayar da shi, mace ta riƙa zirga-zirgar bayi dare da rana. Na ce ai da asuba nakan ji haka. Ta ce mata da yawa suna haɗa biyun, amma ana farawa da wanda ya fi damu. Ta kuma tura ni gwajin fitsari, domin ƙwayoyin cuta a mafitsara suna kawo irin wannan gaggawar, musamman in akwai zafi.

Sai atisayen, wanda ake kira Kegel. Da izinina ta sa safar hannu ta duba ta gaba, ta ce in matse kamar mai riƙe tusa a cikin taro, in ja sama. Nan ta gano cinya da ɗuwawu ne ke aikin, numfashi kuma a riƙe. Wannan dubawar ita ce darajar zuwa asibiti, domin wata ma yunƙuri take yi ƙasa tana zaton matsewa take, abin ya ƙara lalacewa. Ta sa na kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, hannu a kan mara don in tabbatar ciki bai ƙulle ba.

Tsarin shi ne matsewa aƙalla 8, sau 3 a rana, na wata 3 kafin a yanke hukunci. Na fara da riƙewa daƙiƙa 3, in saki gaba ɗaya in huta na tsawon haka, a hankali har zuwa daƙiƙa 10, sannan in bi da gajeru masu sauri. Na ɗaura shi a bayan Asuba, La'asar da Isha'i, shi ya sa ban manta ba. Ta hana ni yin sa ta hanyar tsayar da fitsari a bayi, don yana hana mafitsara juyewa duka.

Dabarar da ta fi saurin aiki gare ni ita ce matsewa kafin tari ko ɗaukar goyo. Ta gaggawar asuba kuwa, ta ce kada in ruga. In tsaya cik, in matse da sauri sau biyar ko shida har jin ya lafa, sannan in tafi a natse, in riƙa ƙara kamar minti 15 tsakanin zuwa da zuwa. Wannan horon mafitsara yana son aƙalla mako 6. Ta ce in rage shayi da goro amma kada in rage ruwa, balle ina shayarwa, kuma in guji taurin bayan gida.

Yanzu atishawa ba ta karya mini alwala, sai dai mura mai tari sosai har yanzu takan ɗan jiƙa ni. Ƙorafina shi ne labule kawai ya raba ni da masu jira, maganar kunya kuma ba ta fita a haka, sannan babu takardar Hausa da mace za ta tafi da ita gida.

Wadda fitsari ke zubo mata ba tsayawa, a kwance ko a tsaye, bayan doguwar naƙuda ko tiyata, likitar ta ce wannan zai iya zama yoyon fitsari, atisaye ba ya rufe shi. Sai likita ya duba, kuma akwai cibiyar tarayya da ke wannan aikin a Ningi, jihar Bauchi.