Florence Stratton a kan Things Fall Apart: inda na bi ta da inda muka raba hanya

Littafin Florence Stratton, Contemporary African Literature and the Politics of Gender, ya fito a 1994. Na same shi ne saboda babinsa na farko, inda ta sa Things Fall Apart na Chinua Achebe a gaba. Kan babin ma tsokana ce: tana tambaya, ta yaya al'amura za su wargaje wa waɗanda dama nasu ba a haɗe suke ba? Mata take nufi. Turancinta na 'yan jami'a ne, sai an daure. Kuma kada wanda ya karanta shi ba tare da littafin Achebe a buɗe a gefe ba, don da yawanmu tun sakandare rabonmu da shi, abin da ya rage a ka bai wuce kokawar Okonkwo da kisan Ikemefuna ba.

Hujjarta a taƙaice ita ce: Achebe ya rubuta littafinsa na 1958 don mayar da martani ga marubutan Turawa irin su Joyce Cary, wanda ya kafa labarin Mister Johnson a nan Arewa, masu nuna Baƙar fata kamar ba shi da tarihi ko tunani. Ya dawo wa ɗan Afirka da mutuncinsa, amma namijin kawai. Matan suna nan, sai dai aikinsu kawo abinci da ruwa, da haihuwa, da shan duka.

Da na koma littafin da wannan ido, wurare da dama ba ni da ta cewa. Uwargidan Okonkwo, wadda ta haifi Nwoye, har labari ya ƙare ba a faɗi sunanta ba. Wani zai ce ai al'ada ce, mu ma muna sakaya suna mu ce Maman wane. To, amma kishiyoyinta biyu, Ekwefi da Ojiugo, an ambaci nasu, don haka wannan uzurin bai ɗaure ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne diyyar Mbaino. An kashe matar Udo, wani mutumin Umuofia, garin su Okonkwo, a Mbaino da ke maƙwabtaka da su, sai mutanen Mbaino suka ba da yaro da budurwa don kauce wa yaƙi. Yaron shi ne Ikemefuna: mun zauna da shi shekara uku a gidan Okonkwo, mun ji kewar uwarsa da ƙanwarsa, mun shiga zuciyarsa a kan hanyar dajin da aka sare shi. Budurwar kuwa dattawa suka ce a ba Udo ta maye gurbin matarsa, shi ke nan. Ba suna, ba kuka, ba a sake waiwayarta ba. Ita ma raba ta aka yi da iyayenta a rana guda da shi. Na sha karanta wurin ban taɓa tsayawa a kanta ba, kuma ba laifin idona kaɗai ba ne, haka aka gina labarin.

Haka nan idan aka kai kashi na biyu da na uku, bayan zuwan mishan da Di'o. Duk muhawarar a yi yaƙi ko a haƙura ta maza ce. Ezinma, 'yar Ekwefi, yarinyar da ubanta Okonkwo ke ta cewa da ma namiji ce, wadda ta fi kowa kaifin basira a gidan, ta koma kyakkyawar budurwa mai jiran miji. Abin da sabon mulki ya yi wa kasuwar mata da ikonsu, ba a shiga cikinsa ba. A nan ina tare da Stratton ɗari bisa ɗari.

Inda muka fara rabuwa shi ne yadda take yawan ɗaukar shirun mai ba da labari a matsayin amincewa. Achebe ba marubuci ne mai tsayawa ya yi wa'azi ba, ajiye abu yake yi kusa da abu ya bar ka ka gani. A duba dukan Ojiugo a Makon Zaman Lafiya, don ta tafi kitso ba ta dafa abinci ba. Ezeani, bokan Ani, allahiyar ƙasa, ya ci Okonkwo tara: akuya, kaza, ƙyalle da wuri ɗari. Mai ra'ayin Stratton zai ce an hukunta shi ne don ya keta alfarmar makon, ba don ya doki mace ba, kuma gaskiya ne. Amma wa ya shirya mana wurin har muka lura da hakan? Achebe ne. A shari'ar Uzowulu, mai jibgar matarsa Mgbafo, bayan dodanni, wato masu rufe fuska da ke yin shari'a da sunan kakanni, sun yanke hukunci ya kai giya ya ba surukansa haƙuri, wani dattijo ya yi ƙorafin me ya sa za a kawo ƙaramar magana irin wannan gaban dodanni. Matar da 'yan'uwanta suka ce an doke ta har ta yi ɓari, ita ce ƙaramar magana. Ban yarda marubucin ya sa wannan a bakin dattijon don mu gyaɗa kai ba.

Akwai kuma hirar mutuwar tsoho Ndulue, wanda matarsa Ozoemena ta bi shi a ranar. Obierika, aminin Okonkwo, ya ce an san Ndulue ba ya yin komai sai ya gaya mata. Okonkwo ya girgiza kai, wai shi ya ɗauka jarumi ne. Aka ce masa ai shi ke jagorantar Umuofia zuwa yaƙi a zamaninsa. Okonkwo ne aka mayar abin dariya a nan, kuma tsoron kada a ce ya yi halin mata shi ya sa ya ɗaga adda a kan yaron da ke kiransa baba.

Ekwefi ma ba 'yar rakiya ba ce. Ta haifi goma ta binne tara. Ta gudo daga gidan mijinta na fari ta zo wurin Okonkwo da ƙafarta. Bayan ya doke ta a kan ganyen ayaba, ita ce ta yi gunaguni kan bindigar da ba ta harbin komai, har ya ɗana mata ita. Daren da Chielo, bokanyar gunkin Agbala, ta goya Ezinma zuwa kogon gunkin, Ekwefi ta bi ta cikin duhu, ta rantse a ranta in ta ji kukan 'yarta za ta kutsa kogon ko da alloli za ta yi faɗa. Shafukan da suka fi taɓa zuciya a littafin nata ne. Ƙorafin da ya dace shi ne an yar da ita a rabin hanya.

Batun Yaƙin Matan Aba na 1929, da ake kafa hujja da shi cewa matan Ibo sun yi wa Turawa tawaye, tarihi ne tabbatacce, amma labarin Okonkwo ya ƙare shekaru da dama kafin nan. Abin da za a iya tuhumar Achebe da shi shi ne bai nuna ƙungiyoyin matan da suka haifi wannan tawaye ba sai a gurguje, kamar inda matan gari suka bar girkin biki suka fita korar saniyar da ta kwance, suka ci mai ita tara nan take, har suna bin diddigin wadda ba ta fito ba. Sakin layi kaɗan ne, alhali abin ya isa a yi babi guda a kansa.

Ga malamin adabi da ɗalibin da ke rubuta kundi, babin ya cancanci kuɗinsa da wahalar Turancinsa. Sauran littafin ma, inda ta koma kan Flora Nwapa, Buchi Emecheta, Grace Ogot da Mariama Bâ, ya fi daɗin karatu, don a can tana nuna abin da matan suka rubuta ne da kansu. Efuru na Nwapa, na 1966, shi na ɗauko daga baya.