Sharhi kan rahoton da injiniyan da ke gina mini gida a Tumfure yake turowa

Ina aiki a Bauchi, gidan da nake ginawa kuma yana Tumfure a Gombe, ɗaki uku da falo, ba bene ba. Ba kowane ƙarshen mako nake samun zuwa ba, shi ya sa da muka zauna da injiniyan da na ba aikin, sharaɗin da na fi nacewa a kai shi ne rahoto a rubuce duk bayan mako biyu, da kuma wani na musamman kafin a nemi kowane kuɗi. Wasu abokan aiki sun tambaye ni ko wannan tsari yana da amfani, ko kuwa takarda ce kawai. Amsata ita ce yana da amfani ƙwarai, amma akwai wurare biyu da ban gamsu ba. Zan ɗauki rahoto ɗaya, wanda ya zo mini a watan Agusta lokacin da gini ya kai linta, domin a cikinsa ne na ga inda tsarin yake da ƙarfi da inda ya gaza.

Rahoton shafi biyu ne, yana zuwa ta WhatsApp tare da hotuna, sannan injiniyan ya biyo shi da saƙon murya da Hausa. Ɓangaren farko na abin da aka gama ne, kuma abin da ya burge ni shi ne bai ce "aiki yana tafiya lafiya" ya tsaya nan ba. Ya rubuta cewa an gama harsashi, an cika ƙasa an daddaɓe ta, an zuba kankaren ƙasa wanda magina ke kira jaman fulo, an ɗora bulo layi tara har zuwa tsayin ƙofa, an kuma zuba linta a kan duk ƙofofi da tagogi in ban da na ɗakin baƙi. A gefen kowane mataki akwai ranar da aka gama shi da kayan da ya ci.

Wannan lissafin kaya shi ne ya ba ni damar bincika maganarsa daga inda nake zaune. Ya ce daga jaman fulo zuwa linta an ɗora bulo 2,100 mai inci tara, da siminti buhu 44. Magina sun san cewa buhu ɗaya yana ɗora bulo mai inci tara wajen 50, in kwaɓin bai yi yashi da yawa ba. Da na raba 2,100 gida 44 sai na samu kusan 48. Da a ce na ga buhu 25 ne aka ce an yi wannan aiki da shi, da na san kwaɓin ya yi rauni. Da kuma na ga 70, da na tambayi inda sauran suka shiga. Haka yawan bulon ma ana iya auna shi, tunda kowace murabba'in mita ta bango tana cin bulo kusan 10. Mai gida ba sai ya zama injiniya ba kafin ya yi wannan ɗan rabawa, amma ba zai iya ba sai an ba shi lambobin.

Inda na fi daɗewa ina karantawa shi ne ɓangaren jinkiri. A jadawalin farko ya kamata a fara rufi a tsakiyar Agusta, sai ga shi an ɗaga zuwa makon farko na Satumba. Injiniyan bai dunƙule dalilin a kalmar "damina" ba, ya raba shi uku, kuma kowanne ya faɗi wanda zai ɗauki nauyinsa.

Na farko ruwan sama ne. Duk wanda ya san Gombe a Agusta ya san yadda ruwa ke cin hanyoyin sababbin unguwanni, ga kwari yana ɗauke da ruwa masu yashi ba sa iya ɗiba. Tifa ta kasa shiga layinmu har ƙasa ta sha iska. A kan wannan ya rubuta cewa za a ƙara lokaci amma ba za a ƙara mini ko sisi ba.

Na biyu ya fi ba ni sha'awa. An kawo bulo 400 daga wata masana'anta, ya ƙi karɓa ya mayar. Ya turo ɗan bidiyo: lebura ya ɗaga bulo zuwa ƙirjinsa ya sake shi a kan ƙasa, ya tarwatse, sannan ya murza gefen wani da babban yatsa, yashi na zuba kamar gari. Bayaninsa shi ne masu bugawa sun ja buhun siminti ya fitar da bulo fiye da kima, kuma ba a ba shi ruwa ya ƙosa ba kafin a loda shi. Ya rubuta a fili: "Malam, mu muka zaɓi inda aka sayo, don haka kuɗin mota da kwanakin da aka rasa a kanmu suke." Na ga masu gini da yawa a rayuwata, kaɗan ne za su sa irin wannan a takarda da hannunsu.

Na uku daga gare mu ya fito. Maiɗakina ta nemi a ƙara banɗaki a ɗakin baƙi, wanda ya sa aka matsar da taga aka kuma ƙara bango. Shi ya sa lintar wannan ɗaki ta makara. Ya rubuta kuɗin wannan canji daban, naira 310,000, bai cusa shi cikin kuɗin rufi ba, kuma ya nemi in amince a rubuce kafin a taɓa shi.

A nan ne na kira shi, domin ina ganin tunda an zuba linta me zai hana a hau rufi gobe a rage asarar lokaci. Ya ce, "Ranka ya daɗe, katakon gefe za mu iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokaren da ke ƙarƙashin babbar lintar falo sai ya yi kamar mako biyu. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28." Ya ce akwai sauran layukan bulo da za a ɗora a sama da linta, da bim ɗin da katakon rufi zai zauna a kai, kuma in an yi gaggawa, tsagewar ba ta nuna kanta sai bayan an yi filasta an shafa fenti. Da na je na ga buhunan siminti marasa komai a ciki da aka jiƙa an lulluɓe lintar da su, suna nan da danshi. Gani ya kori ji.

Sai ɓangaren kuɗi, wanda shi ne ke raba mai gida da magini a yawancin gine-gine. Tsarinmu shi ne kuɗi yana bin mataki, ba ya bin wata. Rahoton ya nuna abin da na biya zuwa ranar, da abin da aka kashe, da ragowar da ke hannunsa, sannan ya kawo biyan da ke tafe na rufi, naira 4,800,000. Daga ciki 3,600,000 na kaya ne, wato katako da kwano da ƙusa da maganin gara, su ake buƙata tun kafin kafinta ya hau. Sauran 1,200,000 kuɗin aiki ne, rabi in an fara, rabi in an gama na zo na duba ko na turo wanda zai duba. Daga kuɗin aikin ana riƙe kashi 5 cikin ɗari, wato 60,000, a hannuna har sai rufin ya sha ruwan sama an tabbatar ba ya yoyo.

Ya kuma rubuta irin kwanon da za a saya, alminiyam mai kaurin milimita 0.45, kuma wannan ƙaramar lamba tana da nauyi. In aka ce "kwano mai kyau" kawai, ana iya kawo wanda ya fi shi sirantaka a kuɗin mai kauri, kai kuma daga ƙasa ba za ka bambance ba. A ƙarƙashin farashin ya sa cewa mai sayarwa ya riƙe shi na kwana bakwai ne kacal. Wanda ya yi gini a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama cikin 'yan makonni, ba sai an yi masa bayanin dalilin wannan sharaɗi ba. Mu da muke da kamfanin siminti a Ashaka, a jiharmu, ba mu tsira ba.

To ga inda ban gamsu ba. A saman rahoton an rubuta cewa aiki ya kai kashi 55 cikin ɗari. Wannan lamba tana iya ruɗar mutum, domin ta ƙirga abin da ido ke gani ne na tsayuwar gini, ba ta ƙirga kuɗi ba. Mai karatu zai ɗauka ya wuce rabin kashe kuɗinsa, alhali rufi da filasta da wayarin da famfo da tayil da silin da ƙofofi da tagogi duk suna gaba, kuma a nan kuɗi ke tafiya. Na nemi ya daina ba ni kashi ɗaya tilo, ya riƙa rubuta biyu: nawa aka gama na aiki, nawa aka kashe daga jimillar kuɗin kwangila. Ya karɓa, kuma rahoton da ya biyo baya ya zo da su.

Na biyun har yanzu bai gyaru yadda nake so ba. Rahoton yana faɗin kayan da aka yi amfani da su, amma ba ya faɗin abin da ya rage a wurin aiki: buhu nawa ke cikin sito, rodi nawa, yashi nawa. A damina wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda simintin da ya kwana a ƙasa ko ya jingina da bango mai danshi yana dunƙulewa, kuma in ba a ƙirga shi ana dubawa, ba za a sani ba sai ranar da aka buɗe buhu. Yanzu ƙanena da ke Pantami ne ke leƙawa ya ƙirga ya turo mini, aikin da ya kamata ya zama layi biyu a cikin rahoto. Hotunan ma da ana ɗaukarsu daga kusurwa ɗaya kowane lokaci, da an fi saurin ganin abin da ya ƙaru tsakanin wannan rahoto da wancan.

Duk da haka zan sake ba shi aiki, kuma na riga na haɗa shi da wani abokina da ke shirin fara gini a Bauchi. Abin da na gaya wa abokin shi ne ya sa sharaɗin rahoton a cikin takardar yarjejeniya tun kafin a haƙa harsashi, ya ƙara da lissafin kayan da suka rage, ya kuma nemi a sanar da shi biyan da ke tafe aƙalla mako biyu kafin ranarsa. Ni biyan rufi ya zo mini da sanarwar kwana bakwai ne saboda farashin kwano, kuma ga ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata, haɗa 3,600,000 cikin mako ɗaya sai da na taɓa kuɗin da na ware wa tayil.