Sharhi: sauya wa mutum ɗaya tufafi a hoton taro da Generative Fill

Na gwada Generative Fill na Photoshop, mai sake zana wurin da aka zagaye a hoto bisa umarnin da aka rubuta masa, wanda Adobe ta fitar a 2023, a kan hoton ɗaurin aure a Abuja. Abokan ango biyar ne a jere, huɗu sun sha kaftanin farar shadda, na biyar kuma yana sanye da riga mai gajeren hannu da wando. Ana so a saka masa kaftani ba tare da an taɓa sauran ba. Ya yi aikin, kuma na gamsu, amma kyan sakamakon ya dogara ne da wurin da aka zagaye.

Kada a fara da Select Subject, domin yakan kwaso mutanen gaba ɗaya. A ɗauki Object Selection Tool a zagaye mutum ɗayan. Daga nan a koma Lasso, a danne Alt a cire fuska da wuya da hula da tafin hannu. Duk abin da ya rage a cikin zagayen, manhajar za ta sake zana shi, shi ya sa ɗan gefen haɓa da ya shiga ke sauya kamannin mutum. Inda aka fi shan wuya shi ne kafaɗa, don na kusa da shi ya dafa shi. Idan layin ya ratsa yatsun nan, sai su fito a narke cikin yadi. Dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a fitar.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, sabuwar rigar ake yi wa wuri, ba tsohuwar ba. Kaftani yana rufe hannu har wuyan hannu, yana sauka ƙasan gwiwa, kuma ya fi riga faɗi. Saboda haka a danne Shift a ƙara wuri a gefen damtse da sangalin hannu da cinyoyi, sannan a shiga Select > Modify > Expand. A hoto mai faɗin fiksel 6000, ƙarin 12 zuwa 15 ya isa ya haɗiye bakin tsohuwar rigar. In ba a yi ba, siririn layin launinta zai saura a gefen wuya.

Sai a danna Generative Fill a rubuta umarni; gajere ya fi:

```
white long-sleeved kaftan
```

Yana ba da zaɓi uku, kuma sai da intanet. Ninkin yadi da inuwa suna fitowa daidai da hasken wurin. Aikin wuya irin na telolinmu ne bai iya ba, gara a kwafo na abokin da ke gefe a ɗora. A duba hoton a girman 100% kafin a buga, domin wuri mai faɗi yakan fi sauran hoton dushi-dushi. In ya ci gefen rigar maƙwabci, a shafa baƙin burushi a kan layer mask ɗin da Generative Fill ya samar, asalin zai dawo.