Zaɓen MOSFET: IRFZ44N ko IRLZ44N, da yankin da kowanne zai yi aiki a ciki

Kafin a sayi MOSFET, wato transistan da ƙarfin lantarkin da ke kan ƙafarsa ta get ke sarrafa wutar da ke bi tsakanin ƙafafunsa na diren da sos, ya kamata a san yankin da za a tsayar da shi, domin lambar amfiya da ke kan takardar bayanansa ba ta aiki sai an cika sharaɗin da aka auna ta da shi.

A yankin katof, wato idan VGS, ƙarfin lantarki tsakanin get da sos, bai kai Vth ba, wanda shi ne ƙarfin da na'urar ke fara kunnuwa a kansa, wuta ba ta wucewa sai ɗan yoyo. Idan VGS ya wuce Vth, girman VDS, wato ƙarfin lantarki tsakanin diren da sos, shi ne ke raba sauran yankuna biyu. A lissafin nan, ID ita ce wutar da ke bi ta na'urar, k kuma lamba ce da ta dogara da ƙirar na'urar:

```
VDS < VGS − Vth:  ID = k[(VGS − Vth)VDS − VDS²/2]
VDS ≥ VGS − Vth:  ID = (k/2)(VGS − Vth)²
```

Layin farko na yankin tirayod ne, inda ID ke ƙaruwa tare da VDS, kuma idan VDS ƙarami ne na'urar takan zama tamkar ƙaramin rizisto, wanda ake rubutawa RDS(on). Layi na biyu na sachureshan ne; babu VDS a cikinsa, saboda haka ƙarfin da ke kan get ne kusan kaɗai ke ƙayyade wutar. Mai haɗa amfilifaya yana neman wannan yanki, amma mai son makunni yana son na'urar ta riƙa tsallakawa daga katof zuwa tirayod ba tare da ta daɗe a tsakani ba.

A ce Arduino mai fitar da 5 V zai kunna lodin 2.4 Ω daga batirin 12 V, wato kusan 5 A. IRLZ44N yana da Vth tsakanin 1 da 2 V, kuma RDS(on) ɗinsa bai wuce 0.025 Ω ba a VGS na 5 V, don haka zafin da zai fitar bai kai 0.7 W ba. IRFZ44N kuwa, duk da cewa RDS(on) ɗinsa 0.0175 Ω ne, an auna shi ne a 10 V, kuma Vth ɗinsa yana iya kaiwa 4 V. Idan aka faɗa kan irin wannan, 1 V kaɗai ya rage a matsayin VGS − Vth. A ɗauka, don misali kawai, k ya zama 4 A/V²: wutar za ta tsaya a 2 A, lodin ya ɗauki 4.8 V, ragowar 7.2 V ta zauna a kan MOSFET, wanda zai riƙa fitar da zafin 14.4 W. Ya maƙale a sachureshan ke nan, kuma ana gane haka idan mita ta nuna VDS mai yawa alhali na'urar tana kunne, lodin kuma ba ya aiki da ƙarfinsa.

A ganina, IRFZ44N ya dace ne kawai idan akwai direba mai ba get 10 V. Wanda zai bar MOSFET a sachureshan da gangan, kamar a da'irar ƙayyade wuta, ƙarancin RDS(on) ba zai amfane shi ba; abin dubawa shi ne layin DC a zanen SOA, wato zanen takardar bayanai da ke nuna iyakar wuta da ƙarfin lantarkin da na'urar za ta iya jurewa tare, da girman ƙarfen da zai ɗauke zafin.