Hattara da mai tallar ƙanƙarar da "ba ta narkewa"

'Yan uwa masu sana'ar zoɓo da kunun aya, da masu haɗa lemo a wurin biki, akwai wani da ke yawo a shafukan sada zumunta yana tallar mazubin ƙanƙara na roba haɗe da wani ɗan ruwa a kwalba. Wai in ka ɗiga ruwan, ƙanƙararka za ta fito garai-garai kamar gilashi, ta yi awa shida a kofi ba ta narke ba, abin sha ya yi sanyi ƙarara ba tare da ya tsinke ba. Na tura masa kuɗi, kaya suka iso, na bi duk yadda ya ce. Ƙanƙarar ta fito da farin hazo a tsakiya kamar ta kullum, ta narke kamar ta kullum. Da na yi ƙorafi sai ya toshe lambata.

Abin da ya sa damfarar take shiga shi ne ya jingina ta da gaskiya. Babbar ƙanƙara ta fi jimawa, wannan ba musu. Ƙanƙara daga jikinta na waje take narkewa, inda ruwa ke taɓa ta. Dunƙule ɗaya mai santimita 5 ta kowane ɓangare, faɗin fuskokinsa shida ya kai murabba'in santimita 150. Yanka shi gida takwas, kowanne mai santimita 2.5, nauyin bai canja ba, amma faɗin fuskokin ya zama murabba'in santimita 300. Wurin da zafi zai shiga ya ninka, shi ya sa ƙananan ke saurin ƙarewa. Wannan aikin girma ne, kuma kowane babban mazubi zai yi shi.

Inda ƙaryar take shi ne batun sanyi ba tsinkewa. Narkewar ita ce ke kawo sanyin. Kowane giram ɗaya na ƙanƙara yana zuƙe zafi kimanin kalori 80 kafin ya zama ruwa. A ce zoɓo ne mililita 250, zafinsa digiri 30, kana so ya sauko zuwa 5. Sai an cire kalori wajen 6,250, wato sai ƙanƙara giram 70 da ɗoriya ta narke a ciki, babba ce ko ƙarama, mai haske ko mai hazo. Babbar tana jan lokaci ne kawai: ruwan na shiga a hankali, sanyin ma a hankali. Wanda ya shanye kofinsa cikin minti goma zai ji zoɓon da kaurinsa, amma bai kai na ƙananan ƙanƙara sanyi ba. Ƙanƙarar da ba ta narke ba, sanyin da take bayarwa ɗan kaɗan ne. Shi ya sa yanzu nake zargin abin da ya nuna a bidiyonsa irin dunƙulen robar nan ne da masu ɗaukar hoton talla ke amfani da shi, don ko raɓa babu a jikin kofin.

Shi kuma hasken, ba a ɗigo shi daga kwalba. Hazon nan iska ce da gishirin da ke cikin ruwa. A mazubi, sanyi na kama ruwan ta kowane gefe, yana kora su zuwa tsakiya, can suke maƙalewa. Masu yin ta da kyau suna sa ruwan ya daskare ta gefe guda: a zuba ruwa a ƙaramar kula, a sa ta a firiza ba murfi, sanyi ya riƙa sauka daga sama. Bayan kwana ɗaya ko fiye, kafin ƙasan ya kama, a fitar, a zubar da ragowar ruwan, a yanka na saman. In wuta na ɗaukewa, lokacin zai ƙaru. Amfanin mai hasken shi ne ba ta saurin tsagewa ta farfashe a kofi. Tsamin da wasu ke ɗora wa mai hazo kuwa, sau da yawa warin kifi ne ko daddawar da ke firizar ya kama ta, don haka a ajiye ta a leda a ɗaure.

Abin da ya fi tayar min da hankali ita ce kwalbar. Babu sunan kamfani, babu lambar NAFDAC, ba a rubuta abin da ke ciki ba. Don Allah kada kowa ya zuba wa masu saye wannan. Kuma haske ba shaidar tsafta ba ce, daskarewa ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta, sai dai a fara da ruwa mai kyau.

In ya tuntuɓe ka, ce ya sa ƙanƙarar a kofin ruwan ɗumi a kiran bidiyo, ka zuba ido minti ashirin. Ni da na nemi haka ta wayar ƙanwata, bai sake amsawa ba.